Kwamfuta uku, adireshi ɗaya: abin da kwafin saba ke ɗaukowa a ɓoye

A ce malamin kwamfuta ne a wata kwaleji, yana da babbar na'ura guda a ɗakin gwaji, ya ɗora mata Proxmox, manhajar nan ta wani kamfanin birnin Biyana da ta fara fitowa a 2008. Aikin manhajar shi ne ta raba ƙarfin na'ura ɗaya zuwa ƙananan kwamfutoci masu zaman kansu, kowace da faifanta da katin sadarwarta, duk da cewa babu ko ɗaya da za ka taɓa da hannu. A allo VM ake rubuta su. Malamin ya ɓata yini yana shirya guda ɗaya mai lamba 100: ya sa mata Ubuntu Server 22.04, ya sauko da sabuntawa, ya girka kayan da ɗalibai za su yi darasi da su. Yanzu rukuni uku na ɗalibai kowanne yana bukatar tasa. Wa zai sake wannan wahala sau uku, ga kuma tsadar data? Sai ya danna `Clone` sau uku, ya samu 101 da 102 da 103 cikin 'yan mintoci.

Da farko komai lafiya. Can sai ƙorafi ya fara. Rukunin farko suna tsakiyar aiki ta SSH, wato hanyar shiga saba daga nesa, sai a jefo su waje da saƙon `Connection reset by peer`. Su sake shiga, su tarar fayil ɗin da suka ajiye yanzun nan babu shi. Rukuni na biyu kuma su ga fayil ɗin da ba su suka rubuta ba. Za a zargi waya, a zargi rauta, a zargi ɗalibai da taɓa aikin juna. Amma da malamin zai buɗe allon kowace VM ya buga `ip -br addr`, zai ga dukansu uku suna riƙe da adireshi ɗaya, mu ce 192.168.10.57. Abin ɗaure kai shi ne ba da hannu aka sa adireshin ba, rauta ce ta raba, kuma aikinta na farko ke nan kada ta ba mutum biyu lamba ɗaya.

Rautar ba ta yi kuskure ba. A ganinta kwamfuta ɗaya ce ta zo roƙo sau uku.

Abin da kwafi ke sabuntawa da abin da ba ya taɓawa

Kowace VM tana da ɓangare biyu. Akwai bayanan da Proxmox ke riƙewa daga waje: yawan ƙwaƙwalwa, girman faifai, da lambar katin sadarwa da ake kira MAC. Akwai kuma abin da ke cikin faifan kansa, wato Ubuntu da duk fayilolinta. Idan aka yi kwafi, Proxmox yana sabunta na wajen. Lambar MAC gida shida ce, kowane gida harufa ko lambobi biyu. Gida ukun farko suna nuna wanda ya samar da katin, shi ya sa za ka ga na VirtualBox suna farawa da `08:00:27`, na Hyper-V da `00:15:5D`, sabbin na Proxmox kuma da `BC:24:11`. Gida ukun ƙarshe su ne ake sakewa ga kowane kwafi. To wannan an yi shi daidai, kwafin malamin uku kowanne da MAC ɗinsa.

Cikin faifai kuwa Proxmox ba ya leƙawa. Yana juye shi ne yadda yake, ƙwaya da ƙwaya. Kuma a cikin faifan akwai wani ɗan fayil mai layi ɗaya, `/etc/machine-id`, ɗauke da harufa da lambobi 32 da aka ƙirƙira ranar da aka girka Ubuntu. Wannan ita ce shaidar da tsarin ke gane kansa da ita, kuma an gina komai a kan cewa babu wata kwamfuta a duniya mai irin ta.

Ga inda suka haɗu da adireshi. Idan kwamfuta ta tashi, tana aika roƙo ta hanyar DHCP cewa a ba ta adireshin IP. Mutane da yawa sun san cewa rauta da MAC take gane mai roƙo, kuma haka abin yake a da. Amma ƙa'idar DHCP ta ba mai roƙo damar ya gabatar da wata shaida ta daban, kuma idan ya gabatar, yawancin masu rabon adireshi ita suke kallo su bar MAC. Tun daga Ubuntu 17.10, sigar saba tana amfani da netplan da systemd-networkd wajen sadarwa, shi kuma wannan yana haɗa shaidarsa ne daga abu biyu: `machine-id` da sunan katin. A Proxmox sunan katin farko yawanci `ens18` ne a kowace VM. Ke nan kwafin nan uku, duk da bambancin MAC, takarda iri ɗaya sak suke miƙa wa rauta. Ita kuma ta duba littafinta, ta ga ai mai wannan shaida ta riga ta ba shi 57, sai ta sake ce masa 57.

Daga nan rikicin ya koma kan waya. Kwamfutar ɗalibi tana son isa 192.168.10.57, sai ta yi cigiya a netwok: wane kati ne ke da wannan adireshi? Kati uku suka amsa. Ta riƙe ɗaya ta fara hira da shi. Bayan ɗan lokaci ta sabunta cigiyar, wani katin ya riga amsawa, saƙonni suka koma wurin VM ɗin da ba ta san da wata hira ba, ita kuma ta katse. Abin da ya sa matsalar ke zuwa tana tafiya ke nan, kuma shi ya sa take cin lokaci kafin a gano ta. Hanya mafi sauri ita ce a tsaya a kan wata kwamfuta ta huɗu mai Linux a wannan netwok ɗin a buga:

```
sudo arping -I ens18 192.168.10.57
```

Idan amsoshin suka dawo da MAC fiye da ɗaya, an kama ɓarawon. Sai a tabbatar da `cat /etc/machine-id` a kowace VM. Layi ɗaya za a gani sau uku.

Akwai tambayar da ta fi wannan muhimmanci a wurina. Me ya sa ɗalibin da ya faɗa cikin sabar wasu bai ga wani gargaɗi ba? SSH an gina shi ne don hana irin wannan. Kowace saba tana da makullanta na sirri a `/etc/ssh`, fayilolin da sunansu ya fara da `ssh_host_`, kuma kwamfutarka tana haddace makullin sabar da ka taɓa shiga. Ranar da wata saba ta daban ta amsa a wannan adireshi, za ta cika maka allo da kashedi ta ƙi shiga. Amma makullan su ma a faifai suke, kwafi ya ɗauko su. Saba uku, makulli ɗaya, don haka ƙararrawar da ya kamata ta kaɗa ta yi shiru. Sunan kwamfutar da ke bayyana a gefen layin umarni shi ma iri ɗaya ne. Shaidu ukun da aka maimaita kowace tana rufa wa 'yar'uwarta asiri. Ga kuma fuskar tsaro: duk ɗalibin da ke da ikon shugaba a VM ɗinsa yana riƙe da makullin sirrin sauran, kuma da shi zai iya yin shigar burtu a matsayin sabarsu.

Gyaran waɗanda aka riga aka kwafa

Ba sai an rushe su ba. Amma kada a yi gyaran ta SSH, domin ba ka da tabbacin wace ka shiga. A buɗe `Console` na kowace VM daga shafin Proxmox, a yi mata wannan:

```
sudo truncate -s 0 /etc/machine-id
sudo rm -f /var/lib/dbus/machine-id
sudo ln -s /etc/machine-id /var/lib/dbus/machine-id
sudo rm /etc/ssh/ssh_host_*
sudo ssh-keygen -A
sudo hostnamectl set-hostname rukuni1
sudo reboot
```

Layin farko yana kwashe abin da ke cikin fayil ɗin ya bar shi fanko, kuma idan tsarin ya tashi ya tarar da shi fanko sai ya cike shi da sabuwar lamba. Barin sa fanko ya fi share shi gaba ɗaya aminci, saboda a farkon tashi wani lokaci faifan bai buɗu ga rubutu ba tukuna, kuma tsarin ya fi iya lallaɓawa da fayil fanko a kan fayil da babu shi. Layi na biyu da na uku su ne mutane suka fi tsallakewa. Akwai wani tsohon wuri da ake ajiye wannan lamba, kuma a wasu girke-girken kwafi ne mai zaman kansa. Idan aka bar shi da tsohuwar lamba, tsarin zai iya ɗauko ta daga can ya mayar, mutum ya sake kunnawa ya ga kamar bai yi komai ba. Shi ya sa ake cire shi a mayar da shi manuni kawai zuwa na asalin. Sauran layukan suna zubar da tsofaffin makullai, su ƙera sababbi, su raɗa wa kwamfutar suna. Bayan canza suna a leƙa `/etc/hosts`, galibi tsohon sunan yana nan a layin 127.0.1.1.

Da sun tashi, kowace za ta karɓi adireshinta. Wanda ya taɓa shiga 57 a baya yanzu zai iya cin karo da babban kashedin `REMOTE HOST IDENTIFICATION HAS CHANGED`, kuma wannan karon alamar lafiya ce. Ya goge tsohuwar hadda da `ssh-keygen -R 192.168.10.57` ya ci gaba. Abu ɗaya kuma da ke tsorata mutane: tarihin aikin tsarin ana ajiye shi a `/var/log/journal` cikin folda mai sunan `machine-id`, don haka bayan sauyin `journalctl` zai daina nuna na baya. Bai ɓata ba, yana tsohuwar foldar.

Za ka ji wasu suna cewa a ƙara layin `dhcp-identifier: mac` a fayil ɗin netplan a huta. Gaskiya ne yana raba adireshin nan take, kuma yana da amfani inda mai kula da netwok ke ware adireshi bisa MAC. Amma ciwo ɗaya kawai ya rufe. Makullan SSH suna nan iri ɗaya, kuma duk manhajar sa ido ko ta tattara rahoto da ke gane kwamfuta da `machine-id` za ta ci gaba da ganin ukun a matsayin ɗaya.

Samfuri: a yi wankin sau ɗaya

Kwafin saba mai aiki kamar ɗaukar hoton fom ne da wani ya riga ya cike: duk wanda ka miƙa wa sai ya bi layi-layi yana goge sunan wancan, kuma wata rana sai an manta layi ɗaya. Samfuri shi ne fom ɗin da ba a cike ba. Ana shirya VM guda da duk kayan da ake so, a cire mata duk abin da ke nuna ita wace ce, a kashe ta, a kulle. Daga nan kowace sabuwa tana cike nata gurbin da kanta a tashin farko.

Mai cike gurbin a duniyar Linux shi ne cloud-init. Idan VM ta tashi, yana karanta wani ɗan faifai da Proxmox ya maƙala mata, ya ga ko wannan sabuwar kwamfuta ce. Idan sabuwa ce, ya sa suna, ya ƙera makullan SSH, ya buɗe asusun mai amfani, ya saita adireshi. Hanya mafi tsafta ita ce a fara da hoton faifan da Ubuntu ke fitarwa musamman don wannan aiki, wanda ke zuwa da cloud-init a shirye, domin girkin da aka yi da hannu daga faifan girki yakan bar saitin da ke hana shi sauraron Proxmox. Bayan an gama girka kayan darasi a VM ɗin, mu ba ta lamba 9000, sai wankin ƙarshe:

```
sudo cloud-init clean --logs
sudo rm /etc/ssh/ssh_host_*
sudo truncate -s 0 /etc/machine-id
sudo poweroff
```

Maganar fayil na biyu na `machine-id` da muka yi a sama tana aiki a nan ma. A kuma duba foldar gida: tarihin umarni, kalmar sirri da aka manta a wani fayil, makullin malam na kansa. Duk abin da ya rage zai shiga hannun kowane ɗalibi.

Daga wannan `poweroff` ɗin kada a sake kunna ta. Ko don a duba wani abu na minti ɗaya aka kunna, za ta ƙirƙiri sabuwar lamba da sababbin makullai, wankin ya tashi a banza, kuma babu abin da zai sanar da kai sai bayan an haifi kwafi goma masu fuska ɗaya. Wannan ne ainihin amfanin maɓallin `Convert to template`: da an danna shi Proxmox ba zai ƙara yarda a kunna ta ba. Amma maɓallin kullewa kawai yake yi, ba ya wanki. Wanda ya mayar da VM mai datti samfuri ya kulle dattin ne a ciki.

Sauran aikin a kan uwar na'ura ake yi:

```
qm set 9000 --ide2 local-lvm:cloudinit
qm template 9000
qm clone 9000 201 --name rukuni1 --full
qm set 201 --ipconfig0 ip=192.168.10.21/24,gw=192.168.10.1
```

Layin farko shi ne ke maƙala ɗan faifan da cloud-init zai karanta, idan ba a riga an sa shi ba. Layin ƙarshe ya ba sabuwar VM adireshi tsayayye tun kafin ta tashi. Wanda ya fi son rauta ta raba sai ya rubuta `ip=dhcp`. A lura da tarko guda: idan aka goge makullan SSH a Ubuntu ko Debian alhali cloud-init ba ya aiki, babu mai ƙera sababbi, sai sabar SSH ta ƙi tashi, mutum ya ga VM tana amsa `ping` amma ƙofa a rufe. Dangin Red Hat su suna ƙera nasu da kansu a tashi.

Kalmar `--full` tana da nauyi. Da ita ana juye faifan gaba ɗaya, sabuwar VM ba ta da sauran alaƙa da samfuri. Idan aka cire ta, Proxmox zai yi abin da yake kira `Linked Clone`: sabuwar tana karatu daga faifan samfuri, tana ajiye abin da ta canza kawai. Ana gama shi cikin daƙiƙoƙi kuma ba ya cin wuri, ga ɗakin darasi da za a rushe komai a ƙarshen zango ya dace ƙwarai. Farashinsa shi ne ba za a iya share samfurin ba muddin 'ya'yansa suna raye, kuma idan faifansa ya lalace duk sun tafi tare. Sabar da za ta riƙe sakamakon jarrabawa shekara da shekaru, a yi mata cikakken kwafi.

Samfuri kuma yana tsufa. Wanda aka kulle a watan Janairu bai san sabuntawar tsaro ta watan Yuni ba. Tunda ba a kunna shi, hanyar ita ce a yi masa cikakken kwafi, a sabunta kwafin, a sake wanki, a kulle shi a matsayin sabon samfuri mai kwanan wata a sunansa.

Inda MAC ɗin kansa ke zama matsala

Ba kowace manhaja ke sabunta MAC ba tare da an ce ta yi ba. A VirtualBox, tagar kwafi tana da zaɓin `MAC Address Policy`, kuma sai an zaɓi `Generate new MAC addresses for all network adapters` kafin dukan katunan su samu sabuwar lamba. VMware kuma idan ya ga an ɗauko foldar VM daga wani wuri yakan tambaya: `I Moved It` ko `I Copied It`. Na farko yana barin tsohuwar shaida, na biyu yana sabuntawa. Kati biyu masu MAC ɗaya a netwok guda sun fi adireshi ɗaya muni, domin na'urar da ke haɗa wayoyin ma ba ta san ta wace kafa za ta tura saƙo ba.

Akwai kuma akasin haka, sabon MAC ya jawo rashin netwok gaba ɗaya. Wani lokaci fayil ɗin da ke `/etc/netplan` yana ɗauke da layin `macaddress:` da ke cewa wannan saiti na katin mai lamba kaza ne. Kwafi ya tashi da sabon kati, saitin bai ga wanda yake nema ba, sai a zauna babu adireshi. A gyara lambar ko a cire sharaɗin. Idan kuma uwar kwafin adireshi tsayayye aka rubuta mata da hannu, kwafin zai tashi da shi ya yi karo da ita nan take, wataƙila ya tsayar da sabar da mutane ke aiki a kanta. Maganin shi ne a sa alamar `Disconnect` a katin kwafin kafin kunnawar farko, a canza adireshin ta `Console`, sannan a haɗa.

Windows ma haka labarin yake da wasu sunaye. Can shaidar ana kiranta SID, mai wankin kuma `sysprep.exe /generalize /oobe /shutdown`. A 2009 Mark Russinovich na Microsoft ya yi rubutun da ya nuna cewa maimaita SID ɗin na'ura shi kaɗai ba ya kawo illar da ake tsoro, har aka janye manhajarsa ta NewSID. Wasu sun ɗauki wannan a matsayin lasisin tsallake Sysprep, alhali shi kansa ya ce a ci gaba da yin sa, domin akwai wasu shaidun da yake sharewa, kamar wadda sabar rabon sabuntawa ke gane kwamfuta da ita. Microsoft ba ya tallafa wa Windows ɗin da aka kwafa ba tare da shi ba.

Kwafi kai tsaye yana da ranarsa. Idan kana son gwada babban sauyi a kan saba mai aiki, abin da kake bukata shi ne tagwayenta sak, da shaidarta da komai, a kunna ta da kati a cire, a gwada, a share. Amma duk lokacin da sabuwar za ta zauna a netwok ɗaya da tsohuwar, ko za a yi fiye da guda ɗaya, samfuri ne hanya. Kuma kafin ka miƙa wa kowa, fitar da kwafi biyu daga samfurin, ka kunna su tare, ka kwatanta abin da waɗannan suka nuna a kowanne:

```
hostnamectl
ip -br link
ip -br addr
ssh-keygen -lf /etc/ssh/ssh_host_ed25519_key.pub
```

Suna, `Machine ID`, MAC, adireshi da zanen makulli, dukansu biyar dole su bambanta. Idan ko ɗaya ya zo iri ɗaya, a koma kan samfurin a sake wanki kafin a fitar da na uku.